Dinkin Sallah da na biki: yadda tela zai kauce wa cika baki

Bayan Sallah Karama bukukuwan aure kan yi yawa a Kano, kuma a lokacin ne tela ya fi shan zagi. Laifin yawanci na lissafi ne.

A fara da dinkin Sallah: a ce shago na da teloli uku, kowanne na gama kaya biyu a rana. A kwana 25 na aiki cikin azumi, kaya 150 ke nan. Amma wuta za ta dauke, keke zai lalace, wani zai dawo da riga a rage masa hannu, ga azumi na rage karfin aikin rana. Don haka mai hankali ya tsaya a 120, ya rufe karbar dinki tun tsakiyar Ramadan, ko da dan uwa ne ya kawo shadda.

Karin ma'aikata kuwa, ba kwararren tela ake nema da farko ba, domin a wannan lokacin kowa na rike da nasa. A dauko yara biyu su rika guga, sa maballi da yanke zare, masu dinki su zauna kan keke.

Ankon biki ya fi kyau a yi masa kudi a dunkule: kawayen amarya goma, samfuri daya, farashi daya mai rangwame, an hada da kudin zare, shafi da aikin wuya. A karbi rabin kudin kafin a sa almakashi, a rubuta ranar kawo atamfa da ranar karba. Wadda ta kawo atamfarta bayan ranar da aka yanke, ko ta canza samfuri, ta fita daga rangwamen, ta biya kudin gaggawa.