Tsufa Ne Ko Zubewar Tsoka? Yadda Likita Ke Bambancewa

"Jiki ne kawai na tsufa." Amsar da tsofaffinmu ke bayarwa ke nan idan aka tambaye su me ya sa sai sun dafa bango kafin su miƙe daga tabarma, ko me ya sa suka koma yin salla a zaune. Wani lokacin gaskiyarsu ce. Amma sau da yawa abin da ke faruwa ciwo ne mai suna, kuma ana iya auna shi. Tsokar jiki ce ke raguwa, ƙarfinta na zubewa fiye da yadda shekaru kaɗai za su jawo. Likitan Amurka Irwin Rosenberg ne ya raɗa masa suna sakofiniya a 1989, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙarancin nama. A 2019 wata ƙungiyar masana ta Turai ta wallafa sabunta ƙa'idar gano shi, kuma ita ce zan bi a nan.

Mu ɗauki misalin wata tsohuwa mai shekara 74 da 'yarta ta kai ta asibiti ganin likita, ba kwanciya ba. Ta faɗi sau biyu cikin shekara, ɗaya a bakin bayan gida. Tsayinta mita 1.55, nauyinta kilo 68. 'Yar ta ce, "Likita, ai Inna ba ta rame ba." Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sikeli yana haɗa ƙashi da kitse da ruwa da tsoka ya ba da adadi ɗaya. Tsoka na iya zubewa kitse ya maye gurbinta, sikeli bai motsa ba. Saboda haka likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan nauyi.

Yana farawa da tambayoyi biyar: wahalar ɗaukar kaya mai kusan kilo huɗu da rabi, wahalar ratsa ɗaki, tashi daga kujera, hawa matakala goma, da yawan faɗuwa a shekara. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 2, kuma maki 4 ko fiye na nufin a bincika. Sai dai tambayoyin sukan kama wanda abin ya yi wa nisa ne, su tsallake wanda ke farko-farko, musamman tsohon da ba ya son a ce ya gaza. Don haka ko makin ya yi ƙasa, idan likita ya ga alama, sai ya auna.

Awon farko shi ne na ƙarfi, kuma da gangan aka sa shi gaba. Ƙa'idar farko ta 2010 ta fi ba yawan tsoka muhimmanci. Daga baya aka lura cewa raunin ƙarfi ya fi nuna wanda zai faɗi ko ya kasa kula da kansa, sai aka juya tsarin. Ana ba tsohuwar wata na'urar matsawa da hannu, dainamomita. Tana zaune, gwiwar hannu a lanƙwashe, ta damƙe ta da iyakar ƙarfinta. Ana maimaitawa sau uku a kowane hannu, a ɗauki mafi girma. Iyakar ita ce ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da kilo 16 ga mace. Tsohuwarmu ta samu 14.

Kafin a rubuta wannan adadi, ya kamata a dubi hannun. Idan yatsu sun kumbura da amosanin gaɓɓai, ko ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, zafi ne ko jijiya ya hana ta matsawa, ba lallai tsoka ba. Haka idan ba ta fahimci abin da ake so ba, ta riƙe na'urar a hankali kamar mai gaisuwa. Sai an ce mata, "Inna, matsa sosai, ƙara, ƙara!" A irin wannan hali, ko inda babu na'urar gaba ɗaya, kujera ta wadatar. Za ta rungume hannuwa a ƙirji, ta tashi ta zauna sau biyar da sauri ba tare da dafawa ba. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafafu ya yi ƙasa. Ta yi a daƙiƙa 18. A wannan mataki ana cewa mai yiwuwa tana da ciwon, kuma wannan kaɗai ya isa a fara neman dalili da magani. Ina jaddada haka ne saboda asibitoci da yawa ba su da na'urar mataki na biyu, kuma rashinta ba hujjar sallamar tsoho hannu rabbana ba ce.

Mataki na biyu shi ke tabbatarwa, wato yawan tsokar hannuwa da ƙafafu. Na'urar DXA tana amfani da haske irin na hoton ƙashi, mai rauni ƙwarai, ta ware tsoka daga kitse. Na'urar BIA ta fi araha, tana tura ɗan lantarkin da ba a jinsa, ta ƙiyasta tsoka daga yadda ya ratsa jiki. Tun da ruwan jiki take bi, mai kumburin ƙafa ko wanda ya yini da azumi zai iya samun adadin da ba daidai ba. Ana raba nauyin tsokar da tsayi sau tsayi. An samu nata kilo 12.5, tsayinta 1.55 sau 1.55 ya ba da 2.4, rabawa ta ba da 5.2. Iyakar mace 5.5 ce, ta namiji 7.0. Ciwon ya tabbata. Inda babu ko ɗaya daga cikin na'urorin, ana zagaya sha-raɓa da tef irin na tela a inda ya fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce, amma kumburi na iya ɓoye ta.

Awon tafiya shi ke faɗin tsananin ciwon. Ana auna mita 4 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa marar santsi, a ce ta yi tafiyarta ta yau da kullum, da sandarta idan tana riƙe sanda. Iyakar mita 0.8 ce a daƙiƙa, wato idan mita huɗun sun ci daƙiƙa 5 ko fiye, tafiyar ta yi sanyi. Tata ta ci daƙiƙa 6, kimanin 0.67. Ƙarfi ya ragu, tsoka ta ragu, tafiya ta yi sanyi: wannan shi ne mai tsanani. A nan ma a kula. Silifa mai zamewa, matsattsen ɗaurin zane, ciwon gwiwa ko yanar ido duk suna rage sauri, kuma tsohuwar da ta ga ana kallonta takan ƙara sauri don kunya. Shi ya sa ake maimaitawa.

Waɗannan iyakoki daga jikin Turawa aka samo su. Masanan Asiya sun fitar da nasu a 2019, inda iyakar damƙa ta zama kilo 28 da 18, ta tafiya mita 1.0. Darasin da na ɗauka shi ne kada a riƙe adadi kamar hukuncin alƙali. Macen da ta samu 16.5 ba lafiyayya ba ce don ta haye layi da rabin kilo. Abin da ya fi amfani shi ne a rubuta sakamakonta na yau a katinta, a gwada shi da na wata uku ko shida masu zuwa.

Daga nan likitan zai tambayi 'yar ko haƙoran Inna na iya tauna nama, ko koko da shayi kaɗai take sha, ko ta yi doguwar jinya a kwance. Zai duba suga da ƙoda da zuciya. Sannan ya tsara mata motsa jiki na tura nauyi, wanda tashi da zama a kujerar nan ma yana cikinsa, da ƙarin wake, ƙwai, kifi da nono gwargwadon lafiyar ƙodarta, ya sa mata ranar dawowa a sake awo da na'ura ɗaya, a kan kujera ɗaya.