Daga akwatunan SketchUp zuwa hoton gida kamar na gaske

A zaman farko tsakanin mai zanen gini da wanda zai yi ginin, abin da ke cikin kwamfutar mai zanen bai wuce 'yan akwatuna farare da ya jera a manhajar SketchUp ba. Akwatunan nan su ne ke nuna girman ginin, da tsayinsa, da inda zai zauna a cikin fuloti. Shi da ya yi karatun abin yana ganin gida a cikinsu, amma mai gini da iyalinsa kwali kawai suke gani. A da, kafin a fitar da hoton da zai yi kama da gida na gaske sai an shafe kwanaki ana saka tagogi da fenti da haske ɗaya bayan ɗaya. Tun da manhajar Stable Diffusion ta fito a 2022, aka kuma ƙara mata ControlNet a 2023, ana iya ɗaukar hoton akwatunan nan a miƙa wa ƙirƙirarriyar basira ta suturta su cikin 'yan mintuna. Kamfanin Trimble ma, wanda ya sayi SketchUp daga hannun Google a 2012, ya fitar da nasa mai suna SketchUp Diffusion a ƙarshen 2023.

Sai dai saurin nan yana da sharaɗi. Hoton zai yi amfani ne kawai idan gidan da ke cikinsa shi ne wanda aka zana, ba wani da na'ura ta ƙaga ba. Don a ga yadda ake kiyaye wannan, mu ɗauki misalin bene mai hawa ɗaya a kan fuloti mai ƙafa 50 da 100 a Kano, wanda ƙofarsa ke kallon kudu.

Rabin aikin yana ƙarewa ne tun kafin a bar SketchUp. Na'urar ba ta san girman komai ba sai an nuna mata, don haka akwati tsurarsa tana iya mayar da shi shago ko kuma otal mai hawa biyar. Maganin wannan shi ne a huda gurbin ƙofa da na tagogi, a ɗan tura su ciki, a ja katanga da get, a tsayar da siffar mutum guda a gefe. Daga nan sai a sauko da kyamara ƙasa da Position Camera, a sa tsayin ido kimanin mita 1.6, domin mai gida daga bakin titi zai riƙa ganin gidansa, ba daga sama ba. A kunna Two-Point Perspective a ƙarƙashin Camera don bangwaye su tsaya cak, kada su riƙa karkata kamar za su haɗu a sama.

Inuwa ita ce ta biyu, kuma a nan ne sanin wuri ke aiki. Kano tana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ratsa ta arewa da tsakar rana, ta bar fuskar kudu cikin inuwa. Idan aka saita wa manhajar inda fulotin yake, aka zaɓi watan Janairu da ƙarfe huɗu na yamma, rana za ta kasance a kudu maso yamma. Mai tsaye a titi yana kallon gidan zai ga haske ya zo daga hagunsa, inuwa ta faɗa dama tana yin baya. A kashe layukan Axes masu launi, a adana wannan mahangar a matsayin Scene don a iya komowa kanta daidai, sannan a fitar da hoton ta File > Export > 2D Graphic. Wannan ya fi ɗaukar hoton allo tsabta, domin babu maɓallan manhajar a gefensa.

Sai a shiga manhajar da za ta yi suturar. ControlNet yana karanta hoton ta hanyoyi daban-daban, amma biyu ne suka fi dacewa da gini: Depth, wanda ke gane abin da ke kusa da abin da ke nesa, da MLSD, wanda ke riƙe miƙaƙƙun layuka. Akwai kuma ma'auni mai suna Denoising strength da ke tafiya daga 0 zuwa 1, wanda ke nuna yawan 'yancin da aka ba na'urar. A wajen 0.3 akwatunan za su fito kusan yadda suke, an ɗan shafa musu launi kawai. Idan aka kai 0.8 ba tare da ControlNet ba, sai ka ga benen ya ƙara hawa, ko barandar ta koma ɗaya ɓangaren. Dabarar ita ce a fara daga tsakiya, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har bango ya yi kama da filasta, a tsaya kafin siffar ta fara motsi.

Bayanin da ake rubuta wa na'urar, wanda galibi da Turanci ake yi, bai kamata ya sake kwatanta siffar ginin ba, tunda hoton ya riga ya yi wannan. Kayan gini da yanayin wuri zai faɗa:

```
two-storey house, cream cement plaster, small aluminium windows,
red laterite street, neem trees, hazy dry-season afternoon light
```

Ambaton jar ƙasa da darbejiya da hazon hunturu ba ado ba ne. Idan aka yi shiru a kansu, na'urar takan shimfiɗa korayen ciyayi da manyan gilasai irin na ƙasashen sanyi, waɗanda a zafin bazara za su mai da falo tanda. Idan an samu hoton da ya kwanta a rai, a riƙe lambar Seed ɗinsa, domin da ita ne za a iya canza launin fenti ba tare da komai ya birkice ba.

Kafin a kai hoton gaban kowa, sai an tantance shi. A ɗora layukan SketchUp a kansa a Photoshop ko makamancinsa, a duba ko kusurwoyin ginin sun hau kan juna. A ƙirga tagogi: idan uku aka zana a sama, uku za a gani. A duba inuwar bishiya da ta katanga ko gefe ɗaya suka faɗa. A lura da ƙarfen baranda da ke narkewa cikin bango, da matakalar da ba ta kai ko'ina, da get ɗin da mota ba za ta iya shiga ba. Ƙaramin kuskure ana gyara shi da Inpaint, wato a shafe wurin kaɗai a sake shi. Idan kuwa tsayin ginin ne ya canza, a jefar da hoton a sake wani, komai kyansa.

Babban haɗarin yana wajen zaman ne. Abin da ido ya gani zuciya takan riƙe, kuma mai gini da ya ga dutsen ado mai sheƙi a bango zai ɗauka yana cikin kuɗin da aka yi magana, alhali ba a ma yi lissafin bulo ba. Don haka ya kamata a rubuta a jikin hoton cewa na shawara ne, ba zanen da za a yi gini da shi ba, a ajiye akwatunan asali kusa da shi, a kuma kawo kala biyu ko uku domin a gane cewa har yanzu ana kan zaɓi.

Kai kuma da za ka kashe kuɗinka, idan aka nuna maka irin wannan hoto, ka tambayi mai zanen abu biyu: me aka riga aka tsayar a cikinsa, me kuma na'ura ta ƙara. Girman ginin da mazauninsa da inda ƙofa ke kallo su ne abin tattaunawa a ranar farko. Fenti da tayil suna iya jira sai an fitar da cikakken zane da ƙiyasin kuɗi.