An Cinye Maka Kati Ba Ka Sayi Data Ba? Ga Yadda Ake Rubuta Takardar Koke

Mutum ya sa katin naira 2,000 da daddare, gari ya waye ya danna *310# ya tarar da saura naira 200, alhali bai kira kowa ba, bai kuma sayi data ba. Yawancinmu sai mu yi Allah ya isa, mu sake sa wani katin. Amma kuɗin nan ana iya neman su a rubuce, kuma abin da ke sa a saurari takarda shi ne hujjar da ke cikinta. Zafin rai ba ya dawo da ko sisi.

Kafin ka ɗauki alƙalami, ka fara gano ta inda kuɗin suka zurare. Idan ka taɓa cin bashin kati ta *303#, kamfani zai cire abinsa da zarar ka sa kuɗi, nan babu maganar koke. Wani lokacin kuma tsohuwar datar da ka saya ce ta sabunta kanta, ko an jona ka da wani tsarin waƙoƙi ko labaran ƙwallo da ake cirewa kullum. Wanda ya fi cin mutane shi ne a bar datar waya a kunne bayan wadda aka saya ta ƙare. Waya ba ta barci: manhajoji na sabunta kansu, hotuna na hawa ma'ajiya, kamfani kuwa yana cira daga kati a farashin kowace megabait, wanda ya fi na datar da ake saye a dunƙule tsada nesa ba kusa ba. A ce naira 3 ake cirewa a megabait ɗaya, to megabait 600 kawai ya isa ya lashe naira 1,800.

Don haka ka shiga saitin wayarka, wajen da ke nuna yawan datar da kowane layi ya ci, ka ɗauki hoton allon. Masu waya mai layi biyu su duba da kyau, domin sau da yawa wayar ce ke komawa kan layin da babu data a kansa. Ka ɗauki hoton saƙon shigar kati, da na ragowar kuɗi, da abin da *323# ya nuna. Sannan ka kira 300, ka shigar da ƙorafi, kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar koke. Wannan lamba ita ce ƙashin bayan takardar.

Takardar kanta gajeruwa ce. Bayan kwanan wata da adireshin sashen kula da abokan ciniki, cikinta zai iya zama kamar haka:

"Ina amfani da layi mai lamba kaza. Ranar 4 ga wata da ƙarfe 9 na dare na sa katin naira 2,000. Washegari da ƙarfe 7 na safe na tarar da naira 200. Ban sayi data ba, ban amince a riƙa cire kuɗin hawa intanet daga katina ba, kuma babu bashi a kaina. Na kira 300, an ba ni lambar koke kaza. Ina neman a ba ni cikakken bayanin abin da aka cira tsakanin waɗannan lokuta, a mayar mini da naira 1,800, a kuma rufe hawa intanet da kuɗin kati a layina. Na haɗa da hotuna uku."

A lura da jimlar rashin amincewa, domin nan ne ƙarfin mai koke yake. Tun 2018 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanoni su daina jona mutane da data ko wasu tsare-tsare ba tare da yardarsu ba. Idan sabuntawar dole ce ko tsarin da ba ka nema ba, hujjarka ta tsaya da ƙafarta. Idan kuwa wayarka ta nuna lallai ta ci megabait 600 ɗin, kada ka rubuta cewa datarka a kashe take, don su ma suna da lissafinsu. Ka tsaya a kan tambayar yaushe ka yarda a taɓa katinka, su kawo shaida.

Ka kai takardar ofishinsu da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya, ko ka tura ta imel ka ajiye. Idan an biya, galibi kati ake mayarwa a layi, ba tsabar kuɗi ba. Idan sun yi shiru ko amsar ba ta gamsar da kai ba, sai ka kira NCC a 622, kiran kyauta ne. Za su tambaye ka lambar koken da kamfani ya ba ka, domin hukumar ba ta shiga magana sai an fara kai ta gaban kamfanin.