Yadda Ake Yanka Memori da Haɗe Ta

Duk manhajar da aka rubuta da yaren C, in tana son wurin ajiya sai ta kira `malloc`, in ta gama ta mayar ta hanyar `free`. Abin da ke bayan waɗannan biyun kamar mai rabon filaye ne, yana riƙe da jerin guraben da babu kowa a ciki. Mai koyo zai iya rubuta nasa, kuma wahalar aikin tana wajen karɓar abin da aka dawo da shi.

A ce muna da bayit 512, duka gurbi ɗaya. Kowane gurbi ana rubuta girmansa da ko an ɗauke shi a bayit 8 na farko, a maimaita a 8 na ƙarshe. Manhaja ta nemi bayit 100, sai a cike shi zuwa 112 don ya rabu da 16, a ƙara 16 na alamomin nan, ya zama 128. Wannan za a yanka, ragowar 384 ta koma jeri. Buƙata huɗu irin wannan sun cinye wurin kaf.

To, an dawo da na farko da na biyu, sai aka nemi bayit 200, wanda zai ci 224. Akwai 256 a sake, amma in an bar su gida biyu, babu wanda ya isa, `malloc` zai dawo da `NULL`. Shi ya sa `free` ke duba maƙwabta. Na gaba yana da sauƙin samu: adireshin gurbi a tara da girmansa. Na baya kuwa, bayit 8 da ke dab da farkon gurbinmu su ne alamarsa ta ƙarshe, dabarar da Donald Knuth ya bayyana a littafinsa na 1968. Da an ga maƙwabci a sake, sai a haɗe su su zama 256, a yanka 224, 32 ya rage. Ƙasa da 32 ba a yankawa, domin gurbin da ke jeri yana buƙatar bayit 16 na adireshin na gabansa da na bayansa, ban da alamominsa.

Amma da na farko da na uku aka dawo da su, na biyu ya tsaya tsakani, haɗewa ba ta yiwuwa. Ba a kuma matsar da shi, tunda manhaja na riƙe da adireshinsa.

Kuskuren da na fi tsoro shi ne a haɗe gurabe a manta ba a cire maƙwabcin daga jeri ba. Sai a ba mutum biyu wuri ɗaya, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai can gaba. Maganinsa a rubuta ɗan aikin bincike da zai bi guraben bayan kowane kira: jimillarsu ta cika 512, alamar farko ta dace da ta ƙarshe, kada a ga biyu a sake suna jingine da juna, kuma adadin waɗanda ke sake ya zo daidai da na cikin jeri.