Amsa Ɗaya, Masu Tambaya Ɗari: Yadda Ake Tanadar Saƙon Farashi a Waya

Duk mai sayar da kaya ta waya ya san tambayoyin da ba sa ƙarewa. Nawa ne turmi? Kuna aikawa Gombe? Ina shagonku yake? Turo lambar asusu. Mai shagon atamfa a Kantin Kwari zai iya wuni yana rubuta amsa ɗaya da babban yatsa, ga kwastoma a tsaye yana jira a yanko masa shadda. Idan yamma ta yi gajiya ta kama shi, sai amsar ta koma "18k" kawai, babu sallama, babu bayanin yadi nawa ne. A irin wannan lokacin ne kuma ake kuskuren lamba ɗaya a asusun banki.

Maganin abin shi ne a zauna sau ɗaya cikin natsuwa a rubuta amsar da kyau, a adana ta, a riƙa kiranta duk lokacin da tambayar ta dawo. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a shekarar 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa, tana da wurin da aka ware don haka. A shiga Business tools, a taɓa Quick replies, a rubuta saƙon, sannan a ba shi gajeren suna, kamar farashi. Daga nan idan ana hira da kwastoma, da an danna alamar / sai jerin saƙonnin da aka adana ya bayyana. Wanda aka zaɓa zai faɗo cikin wurin rubutu, kuma ana iya gyara shi kafin a tura. Manhajar tana karɓar saƙo har 50, amma ba na ba kowa shawarar ya nufi cika su. Biyar ko shida da mutum ya haddace sunayensu sun fi talatin da sai ya tsaya lalube.

Danna maɓallan ba shi ne aikin ba. Aikin yana wajen raba abin da ke cikin amsa gida biyu: abin da ba ya canzawa, da abin da ke canzawa. Adireshin shago, lokacin buɗewa da rufewa, sunan banki da lambar asusu, waɗannan sukan shekara yadda suke. Farashi kuwa yana iya tashi tsakanin Litinin da Laraba, da zarar dila ta gaba ta sauka da sabon kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cusa su duka a saƙo ɗaya mai tsawo, ko kuma a maimaita farashin a saƙonni uku daban: a na farashi, a na gaisuwa, a na sari. Ranar da kuɗi ya canza sai a gyara ɗaya a manta da biyu.

Bari mu ɗauki misali da lambobi na kwatance. Turmin atamfa mai yadi shida yana naira 18,000, sai sabon kaya ya zo ya koma 20,500. Mai shago ya gyara saƙon farashi, amma ya manta cewa saƙon sari shi ma yana ɗauke da tsohon kuɗin. Wata mai saro kaya daga Gombe ta tambayi turmi goma, yaron shago ya danna mata saƙon sari, ita kuma nan take ta turo 180,000 da hoton rasit. Giɓin 25,000 ne. Yanzu ko dai a haɗiye asarar, ko a kira ta a ce "Hajiya, ki yi haƙuri, kuɗin ya ƙaru", alhali tana riƙe da rubutaccen farashi daga lambar shagon, mai kwanan watan yau. Ita ce da gaskiya, kuma ta san da haka.

Saboda haka farashi ya zauna a saƙo ɗaya tak, sauran saƙonnin su yi nuni gare shi kawai. Kuma saƙon ya fito da kwanan watansa a goshi. Ga fasalin da nake ganin ya wadatar:

```
Wa'alaikumus salam, barkanku da warhaka.
Farashin ranar: 3 ga Maris
Atamfa, turmi (yadi 6): N20,500
Shadda, kowane yadi: N7,000
Ba a haɗa da kuɗin mota ba.
Don Allah ku tabbatar da mu kafin ku tura kuɗi.
```

Layin kwanan watan yana aiki ta fuska biyu. Yana kare mai shago idan wani ya dawo bayan wata biyu da tsohon saƙo, sannan yana tona asirin saƙon da ya kwana biyu ba a duba ba. Idan ka kira saƙon ka ga yana cewa Maris alhali ana cikin Mayu, ka san akwai gyara kafin ka tura. Layin kuɗin mota kuwa shi ne ke kashe gardamar da ake yi bayan an kai kaya tasha, direba ya faɗi nasa, kowa na cewa ai ɗaya ne zai biya.

A lura da "barkanku" da "ku tabbatar". Saƙon da aka tanada bai san wanda zai karanta shi ba. Idan aka rubuta "ka turo", zai je wa Hajiya. Idan aka rubuta "ki duba", zai je wa Alhaji. Jam'in girmamawa ya rufe wannan ƙofa, kuma ba ya yi wa kowa nauyi. Amma duk da haka, kafin a danna turawa, a ƙara abin da ya shafi mutumin: "Hajiya, wannan kalar da kika nuna saura turmi huɗu." Daƙiƙa biyar ce, ita ce kuma ke nuna an karanta tambayarta. Alamar cewa saƙon da aka tanada ya fara ɓata ciniki ita ce ka ga kwastoma na maimaita tambaya, domin ta tambayi ko akwai shuɗi, an watso mata jerin farashi.

Saƙon lambar asusu ya kasance shi kaɗai, da sunan banki da cikakken sunan mai asusun, domin mai turawa ya gwada da sunan da zai gani a manhajar bankinsa. Bayan an adana shi, a tura wa wani na gida ya aiko da ɗan kuɗi kaɗan a ga alat ya shigo. Lamba goma ce, kuma idan ɗaya ta kauce a cikin saƙon da aka adana, kuskuren zai bi kowane kwastoma.

Ofisoshi da makarantu masu karɓar takardun neman aiki ta imel suna da irin wannan buƙata. A Gmail, ana kunna Templates ne a kwamfuta, ƙarƙashin Advanced a cikin Settings, sannan a rubuta wasiƙar a adana ta. Abin da mai nema ke son ji kaɗan ne: takardarsa ta iso, ta wane gurbi ce, kuma yaushe zai sa ran jin wani abu. A nan kalma tana da haɗari. "Muna farin cikin sanar da ku" salon wasiƙar ɗaukar aiki ne, kuma matashin da ya daɗe yana nema zai iya karanta layin farko ya ruga ya faɗa wa mahaifiyarsa. Gara a ce "Mun karɓi takardarku ta neman aikin koyarwa. Wannan saƙo shaidar isowa ce kawai, ba a yanke hukunci ba tukuna." Idan waɗanda aka zaɓa ne kaɗai za a tuntuɓa, a faɗa ƙarara, tare da ranar da idan ta wuce mutum zai daina jira.

Wurin da suna zai shiga kuma a bar shi da manyan baƙaƙe, kamar SUNA da GURBI, yadda ido ba zai tsallake shi ba. Kada a taɓa gina sabuwar amsa ta hanyar kwafo wadda aka tura wa wani jiya, domin ta nan ne sunan Aisha ke zuwa a wasiƙar Musa, wani lokaci har da bayanin da bai kamata wani ya gani ba. Idan ma'aikata biyu ko uku ne ke amsawa, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin gyara saƙon, kuma a ranar da aka rufe karɓar takardu ya maye gurbinsa da wanda ke cewa an rufe.