Me Ya Sa Lambar Kiran Gaggawa Ta Bambanta Daga Ƙasa Zuwa Ƙasa, Kuma Ta Yaya Matafiyi Zai Samu Ta Daidai?

A Dubai, wanda yake neman motar asibiti 998 zai kira, wanda gobara ta kama shi kuma 997. Da zarar jirgi ya sauke shi a Jidda, lissafin ya juye: a Saudiyya 997 ce ta motar asibiti, 998 kuma ta 'yan kwana-kwana ce. Ɗan kasuwar da ya gama sarin wayoyi a Dubai ya wuce Umara, idan abokin tafiyarsa ya yanke jiki ya faɗi a masauki, zai iya danna lambar da ya haddace jiya ya ji masu kashe gobara sun ɗauka. Za su iya tura shi inda ya dace, amma mintunan da aka ɓata sun riga sun tafi.

Asalin bambancin

Ƙasashe da yawa sun zaɓi lambobinsu ne tun zamanin wayar girke, lokacin da babu wanda ya yi tunanin mutum zai sa waya a aljihu ya tsallaka iyaka. Tsofaffin wayoyin nan da ake juya faifansu da yatsa ba sa aika lamba yadda na yanzu suke yi. Ɗan katsewar lantarki suke aikawa: lamba 1 katsewa ɗaya, lamba 9 katsewa tara. Abin da na'urorin kowace ƙasa za su iya ɗauka shi ya yanke hukunci.

Birtaniya ce ta fara, da 999 a birnin Landan a shekarar 1937, bayan wata gobara ta 1935 da ta kashe mata biyar. An guji 111 saboda idan iska ta sa wayoyin kan turaku suka riƙa taɓa juna, na'ura za ta iya ɗauka an kira ta alhali babu wanda ya kira. New Zealand kuwa ta ɗauki 111 a 1958, domin an jera lambobin faifan wayoyinta a juye, ta yadda danna 1 yake aika katsewa tara. Wato a wurin na'ura, 111 ɗinsu 999 ce ta Birtaniya. Amurka ta zo da 911 a 1968, Tarayyar Turai kuma ta amince da 112 a 1991 ba tare da tilasta wa ƙasashe su soke nasu na da ba. Shi ya sa har yau Faransa take da 17 ta 'yan sanda da 18 ta 'yan kwana-kwana, kuma su ɗin ne ake kira a Nijar.

Canza lambar da jama'a suka haddace tun suna yara yana da haɗari, don haka ƙasashe sukan ƙara sabuwa ne su bar tsohuwa tana aiki. Sakamakon haka lamba ɗaya tana iya nufin abu biyu. A Najeriya 122 ta hukumar kiyaye haɗurra ce, a Masar kuma ta 'yan sanda.

Abin da wayar salula take yi a ɓoye

Ƙa'idar da ake ƙera wayoyin salula a kanta ta wajabta wa kowace waya ta gane 112 da 911 a matsayin kiran gaggawa, ko a ina take. Idan an danna ɗaya daga cikinsu, wayar ba ta tura lambobin kamar kira na yau da kullum. Saƙo na musamman take aika wa turken sadarwa cewa wannan kiran gaggawa ne, sai kamfanin ƙasar da ake ciki ya miƙa shi ga cibiyar da ke kusa. Shi ya sa kiran yake shiga ko babu kuɗi a waya, ko allon yana kulle. Idan layin mutum ba shi da sabis a wurin, wayar takan hau turken wani kamfani, kuma a irin wannan hali ne ake ganin rubutun Emergency calls only a allo.

Amma wannan dabara tana da iyaka. Wayar tana gane lambar ne kawai, inda kiran zai sauka kuma aikin kamfanin sadarwar ƙasar ne. A wata ƙasar 112 tana kaiwa ga cibiya ɗaya mai haɗa komai, a wata kuma 'yan sanda kaɗai take kaiwa, kamar Koriya ta Kudu inda motar asibiti da 'yan kwana-kwana suke kan 119. Wasu ƙasashen, irin su Jamus, ba sa karɓar kiran daga wayar da babu layi a cikinta. Inda babu turken kowane kamfani kuwa, kamar tsakiyar sahara, babu kiran da zai fita ta wannan hanya. Manhajar WhatsApp ma ba ta kiran lambobin gaggawa, komai ƙarfin intanet ɗin otal.

Yadda ɗan kasuwar zai shirya

Aikin farko a gida ake yinsa, kafin a tafi filin jirgi. Zai nemi lambobin kowace ƙasa da zai taka, har da wadda zai yada zango a cikinta, daga shafin gwamnatin ƙasar ko na 'yan sandanta, ba daga hoton da aka turo a guruf ba. Lambobi uku yake buƙata: 'yan sanda, motar asibiti, da 'yan kwana-kwana. A Dubai su ne 999, 998, 997. A Saudiyya su ne 999, 997, 998, sannan a yankin Makka akwai 911 da ta haɗa su duka, wadda ita ce mafi sauƙin riƙewa ga mai Umara.

Wajen adana su, sunan ƙasa zai fara rubutawa, misali "Saudiyya motar asibiti", don kada ya rikita ta da ta Dubai. Kada ya sa musu +966 ko +971 a gaba, domin gajerun lambobin nan a cikin ƙasa kawai suke aiki, kuma tsurarsu ake kiransu. Ya kuma rubuta su a takarda ya sa cikin fasfo, saboda ranar da caji zai ƙare ya ari wayar wani.

Idan ya sauka, sai ya gwada abin da ya adana da abin da ke manne a bayan ƙofar ɗakin otal, ko ya tambayi ma'aikacin da ke karɓar baƙi. Nan ne kuma zai duba irin layin da yake amfani da shi. Lamba kamar 997 ba ta cikin biyun da kowace waya ta sani, don haka layin da aka saya don data kawai, ko layin gida da bai kama sabis a can ba, yana iya ƙin fitar da ita. Idan hakan ta faru, 112 ko 911 ce mafita. Ba a kiran waɗannan lambobi don gwaji, domin yin hakan yana tare layi, kuma kiran wasa laifi ne a ƙasashe da yawa.

Wayar ma tana da gajeriyar hanya. A Android 12 zuwa sama, danna maɓallin kunnawa sau biyar da sauri yana tayar da kiran, kuma a Settings, ƙarƙashin Safety & emergency, ana iya ganin lambar da aka saita a Emergency SOS. Ya dace a duba ta bayan an sauka. A iPhone ana danne maɓallin gefe tare da na ƙarar sauti har allon kiran ya bayyana.

Abu na ƙarshe shi ne adireshi. Tambayar farko da mai ɗaukar kira zai yi ita ce "kana ina?", kuma "kusa da Harami" ba amsa ba ce a garin da otal-otal suka yi yawa. Katin otal mai ɗauke da suna da titi da Larabci, a aljihu ɗaya da fasfo, shi zai sa motar ta iso ƙofar da ta dace.