Gyaran Ƙaramar Makarantar Kuɗi: Daga Ina Ake Farawa Idan Aljihu Bai da Nauyi?

A kusan kowace unguwa a Kano, Kaduna, Zariya ko Gusau akwai irin makarantar nan: gidan haya mai ɗaki shida ko bakwai, allon suna a bakin ƙofa, yara ɗari da wani abu, malamai ba su kai goma ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu irin waɗannan makarantu suna cikin tsaka mai wuya. Haya ta tashi, takarda ta tashi, malamai na kuka da kuɗin mota, iyaye kuma in aka ƙara musu ko dubu biyu sai su kwashe 'ya'yansu. Duk da haka kowane mai makaranta yana son gyara, kuma in ka tambaye shi abin da zai yi in kuɗi sun samu, yawanci fenti, kwamfutoci da motar ɗaukar yara zai lissafa maka. A ganina wannan jerin buri ne. Tsarin gyara na gaske takarda ce guda, wadda ta faɗi halin da ake ciki da alƙaluma, ta zaɓi abu uku kacal, ta sa wa kowanne mai ɗaukar nauyinsa, kuɗinsa, da ranar da za a zauna a duba.

Bari mu ɗauki misali, da lissafin da na ƙaddara don a ga yadda ake yi. Makaranta ce mai ɗalibai 180, kowa yana biyan naira 15,000 a zango. A takarda kuɗin zango ya kama 2,700,000, kuma a nan ne yawancin masu makarantu ke yaudarar kansu, domin da wannan adadin suke yin alkawari. In aka buɗe littafin rasit, sai a ga kashi 80 cikin ɗari ne suka shigo, wato 2,160,000. Sauran suna hannun iyayen da suka ce a yi haƙuri zuwa ƙarshen wata, da marayun da aka ɗauke wa, da 'ya'yan 'yan'uwan da ake jin nauyin tambaya. Sannan kuɗin zango ɗaya albashin wata huɗu zai biya, tun da zango uku ne a shekara, watanni kuma goma sha biyu, malami kuwa ba ya daina cin abinci lokacin hutu. Malamai takwas a kan 40,000 sun cinye 1,280,000, wanda ma bai kai mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Maigadi da mai shara 200,000, haya 300,000, ruwa da alli da buga jarrabawa da harajin hukuma 230,000. Abin da ya rage 150,000 ne. Wannan shi ne ainihin ƙarfin makarantar a zango, kuma duk tsarin da ya fi shi nauyi ba zai tashi daga kan takarda ba.

Amma dubi wani abu a cikin lissafin. In kuɗin da ake karɓa ya tashi daga kashi 80 zuwa 90, an sami ƙarin 270,000 ba tare da an ƙara wa kowa sisi ba. Shi ya sa abu na farko a tsarin shi ne gyara yadda kuɗi ke shiga da fita. Ɗan kasuwa ko mai keke ba ya tara dubu goma sha biyar a dunƙule, amma yana iya biyan dubu biyar sau uku, ko wani abu kowace Juma'a, muddin an rubuta an ba shi rasit. A buɗe wa makaranta asusun banki nata, mai makaranta ya yanka wa kansa albashi kamar kowa, ya daina zura hannu a aljihun tebur don cefanen gida ko gudummawar biki. A kuma tsayar da ranar biyan albashi, a riƙe ta da ƙarfi. Malamin da bai san ranar da za a biya shi ba, hankalinsa na kan wani aikin, kuma ranar da ya tafi a tsakiyar zango, duk abin da aka koya masa ya tafi da shi.

Abu na biyu ba ya buƙatar dogon bayani: duk abin da zai iya halaka yaro ko ya kwantar da shi, shi ake fara taɓawa. A watan Yulin 2024 ginin wata makarantar kuɗi ya rufta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Kafin damina a kira magini da kafinta su zagaya tare da mai makaranta. A duba tsagewar bango, azarar da gara ta ci, kwanon da iska ke ɗagawa, rijiyar da ba murfi, wayar wuta da ke a tsirara, da ƙofar da ke buɗewa kai tsaye kan titi. A raba banɗakin mata da na maza, a ajiye ruwa da sabulu a bakinsa. A misalinmu, a ware wa wannan 70,000 a zangon farko, a kuma sanar da mai gida a rubuce abin da yake nasa ne ya gyara.

Abu na uku shi ne zuciyar tsarin, kuma shi ne mafi arha: a gano yara nawa ne suka iya karatu da gaske. Sakamakon jarrabawar ƙarshen zango ba zai faɗa maka ba, domin malamin da ya koyar shi ya fitar da tambaya, shi ya yi maki, kuma ya san uban yaro na son ganin saba'in da tamanin. Karatun haɗa baki a aji shi ma yana ɓoye gaskiya. Yara biyar na gaba ne ke jan sauran, na baya suna bin amo kawai. Hanyar da ta fi ita ce wadda ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, aka kuma gwada ta a Borno da wasu jihohin Arewa. Ana kiran yaro shi kaɗai, a ba shi takarda mai haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi da ɗan labari, a ga inda ya tsaya. Minti biyar ya isa kowane yaro. Kada malamin ajinsa ya gwada shi, a yi musanya, kuma kada rubutun ya zama daga littafin da suka haddace.

A ce an gwada yara 30 na aji uku. Shida sun karanta labarin, bakwai sun iya sakin layi, tara sun tsaya a kalmomi, biyar a haruffa, uku ko harafi ba su gane ba. Ka ga yara 17 ke nan suna zaune kullum ana koya musu kimiyya da zamantakewa daga littafin da ba sa iya karantawa, iyayensu kuma suna biya. Wanda ya taɓa zama kusa da yarinya 'yar shekara tara, ta ɗora yatsa kan kalma mai harafi huɗu, ta ɗago tana kallon fuskarsa ko zai faɗa mata, ya san ba ƙaramin abu ba ne. Daga wannan adadi ake fitar da manufa da za a iya aunawa: zuwa ƙarshen shekara, aƙalla 22 daga cikin 30 su karanta sakin layi ko labari, kuma kada a bar ko ɗaya a matakin da bai san harafi ba. In aka rubuta "inganta karatu" kawai, ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Yadda za a kai can shi ne a sake jadawali. A ɗauki awa ta farko ta kowace safiya, a haɗa 'yan aji uku zuwa biyar, a raba su bisa matakin da kowa ya tsaya maimakon ajinsa. Masu haruffa ɗaki guda, masu kalmomi ɗaki guda, masu sakin layi da labari nasu. Malamin da ya fi haƙuri da iya koyarwa shi za a ba na ƙasa, ba sabon shiga ba. Da kwalin taliya da alƙalamin maka ake yin katunan haruffa da gaɓoɓi, yaro ya haɗa "ba" da "ki" da hannunsa ya ga baki ya fito. A Hausa wannan yana saurin kamawa, domin kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Akwai kuma kayan karatun Hausa da aka riga aka tsara, kamar na shirin RANA da aka yi a Katsina da Zamfara, da littattafan Mu Karanta! na Bauchi da Sakkwato, waɗanda malaman gwamnati da yawa suka sami horo a kansu. Gayyato ɗaya daga cikinsu ranar Asabar ya nuna wa malamai ya fi tura mutum ɗaya bita mai tsada. A misalinmu 40,000 za su tafi a ƙananan littattafai da kwafi, 20,000 a horo da ɗan ihsani ga malamai, 20,000 da suka rage a ajiye don abin da ka iya tasowa.

A nan za a gamu da turjiya, kuma gara a shirya mata. Uban da ya cire ɗansa daga makarantar gwamnati ya kawo shi ta kuɗi, Turanci yake son ji a bakinsa, in ya ji ana Hausa a aji sai ya ga kamar an cuce shi. Wata uwar kuma ranta zai ɓaci don an haɗa ɗanta ɗan aji biyar da 'yan aji uku. Maganin wannan shi ne a kira taron iyaye kafin a fara, a faɗi adadin da aka samu ba tare da ambaton sunan yaro ba, a bayyana cewa awa ɗaya ce, darasin Turanci yana nan, kuma wanda ya iya haɗa haruffa a harshen da yake ji ya fi saurin haɗa su a wanda yake koyo. Wanda ke shakka a ba shi takardar gwajin ya je gida ya zaunar da ɗansa.

Saura bibiya, inda yawancin tsare-tsare ke mutuwa cikin mako na uku. Shugaban makaranta ya riƙa shiga aji ɗaya kowace rana ya zauna minti ashirin a baya, yana lura da abu biyu: yara nawa ne suka riƙe abin karatu a hannunsu, kuma nawa ne suka karanta su kaɗai. Bayan an tashi ya faɗa wa malamin abu ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da zai gyara, a keɓe, ba a gaban yara ba. Duk mako shida a sake gwaji da sabon rubutu, wanda ya ci gaba a matsar da shi. In adadin ya yi tsalle fiye da hankali, a bincika ko an ba yara takardar sun haddace. In rukuni guda ya tsaya cik, a duba littafin zuwan malamai kafin a ɗora wa yara laifi. In kuwa yaro ɗaya ne ya kasa motsi alhali yana zuwa kullum, a matso da shi gaban allo a gwada ganinsa da jinsa, a kuma shawarci iyayensa su kai shi asibiti.

A ƙarshen zango mai makaranta, shugaba, malami ɗaya da wakilan iyaye biyu su zauna da takardar nan: nawa aka karɓa cikin ɗari, an biya albashi a ranarsa ko an saɓa, wane gyaran gini aka gama, yara nawa suka haura mataki. In karatu ya kankama, zango na gaba a yi wa lissafi irin wannan gwajin, daga gane lambobi zuwa ɗebewa da rabawa. Fenti da kwamfutoci su jira shekara ta biyu, lokacin da ƙarin kuɗin da aka karɓo zai iya ɗaukarsu ba tare da an taɓa albashi ba.